Inda Na Koma Turanci

Saƙon da aka rubuta a birnin Sakkwato aka tura gabas, kafin ya gama zagayensa tsakanin Isa da Sabon Birni, yakan ratsa hannun mutane iri-iri, kuma ba abu ɗaya suke karantawa ba ko da haruffan ba su canza ba. Akwai ɗan gari da ke aiki a Abuja, wanda Turanci ya zame masa harshen ofis. Akwai malamin zaure da ya ƙware a ajami, yana kuma iya bin Hausar boko a hankali. Akwai yaron da ake miƙa wa waya a ce ya karanta wa jama'a. Sannan akwai 'yan uwa na ƙetaren iyaka. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa suka warwatsu, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 kuma ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Gida ɗaya ne, amma wanda ya shiga lakkwal a Maraɗi Faransanci ya koya, ɗan baffansa na wannan ɓangare kuma Turanci. Hausa ce kaɗai ta haɗa su duka.

Duk wannan na san shi tun kafin in yi abin da zan faɗa, don haka ba ni da uzurin rashin sani.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan asalin yankinmu mazauna birane. Da damina ta yi nisa a wata shekara, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, muka tara kuɗi muka sayi gero buhu 60 domin iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Buhu yakan ba da tiya 40, jimilla tiya 2,400 ke nan. Wakilanmu sun riga sun rubuta magidanta 240 da suke zaune cikin garin Sabon Birni da gefensa, kowa tiya 10. Waɗanda suke nesa, a ƙauyuka da ƙetaren iyaka, kwamiti ya yanke cewa kada su taso, za a kai musu nasu kaso daga baya idan sauran kuɗin alkawari sun shigo. An yanke haka ne saboda hanya. Kowa a yankin yana tuna motar fasinja da aka ƙone da mutane a cikinta a Disamban 2021, kuma ba wanda yake son a ce saboda tiyar gero wani ya faɗa hannun mutanen daji.

Aka ce in rubuta sanarwa. Na fara da sallama da jaje, da Hausa. Na ce Allah ya kawo sauƙi, an samu hatsi, za a raba wa 'yan uwa da aka raba da gidajensu ranar Asabar a Sabon Birni. Wannan ma da Hausa. Daga nan sai na saka jimla biyu da Turanci: cewa rabon na waɗanda sunayensu ke cikin jerin farko ne kaɗai, kuma sauran kada su yi tafiya, za a kai musu nasu inda suke. Sai na dawo Hausa na ce a sanar da wanda bai ji ba, na rufe da addu'ar zaman lafiya. Na karanta sau ɗaya, ya yi mini daidai, na tura ta WhatsApp.

Yanzu a ɗauke jimlolin nan biyu a ga abin da ya rage. An samu hatsi, za a raba wa 'yan gudun hijira ranar Asabar a Sabon Birni, a sanar da wanda bai ji ba. Saƙo ne cikakke, ba inda ya gutsure, ba inda mai sauraro zai ce tsaya, akwai abin da ya ɓace. Kamar igiya ce da aka yanke tsakiyarta aka ƙulla bakin biyu: ta gajarce, amma mai ja ba zai sani ba. Abin da ya fi muni, saƙon da ya rage kishiyar wanda na yi nufi ne. Ni na ce kada a zo, shi kuma yana cewa kowa ya zo ya kuma kira ɗan uwansa.

Daga baya na bi sawun yadda ya yi tafiya. 'Yan kwamiti da ke birane sun karanta, ba wanda ya ga aibu, domin su idonsu kan Turancin ya fara sauka. A wurinsu Hausar gaisuwa ce da addu'a, abin da ake tsallakewa, Turancin kuma shi ne hukuncin da aka yanke. Har ciyaman ya yaba mini cewa sanarwar ta fito da tsari. A wani ƙauye kuwa, jikan wani dattijo ne ya karanta a majalisa bayan sallar la'asar. Yaron yana ƙaramar sakandare, makarantar tasu ma rabin shekara a rufe take saboda tsoro. Ya karanta Hausar tsaf, da ya iso wurin Turancin ya ɗan yi ƙoƙari a zuci, ya ga manya suna jiransa, sai ya ce nan Turanci ne, ya wuce zuwa addu'a. Ban ga laifinsa ba. Yaro ba zai tsaya yana in-ina gaban dattawa ba, kuma ba wanda ya gaya masa cewa wurin da ya tsallake shi ne kan maganar. A nan wata mata da ta ji ta ɗauki waya ta yi saƙon murya zuwa ga 'yar uwarta da ke zaune wajen Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, inda mutanenmu da yawa suka fake tun 2019. Daga wannan mataki Turancin ya mutu gaba ɗaya, don ba a tura abin da ba a ji ba. Wani ɗan uwanmu malamin lakkwal a can ya ga rubutaccen saƙon ma, ya gane wasu kalmomi da suka yi kama da na Faransanci, ya fahimci ana maganar jerin sunaye, sai ya ɗauka cewa ake yi a zo a rubuta suna. Ƙananan kalmomin da suka ɗauki nauyin jimlar, mai nufin kaɗai da mai nufin kada, ba su da 'yan uwa a Faransanci, sai suka wuce shi.

Ranar Asabar magidanta kusan 600 suka hallara. Wasu sun yi sammako a ƙafa, wasu sun biya kuɗin babur mai tsada, don ɗan kabu-kabu ba ya shiga waɗannan hanyoyi da araha. Wakilanmu ba su iya korar kowa ba, kuma da sun gwada da an yi rikici. Aka mayar da rabo tiya 4. Wanda aka yi wa alkawarin 10 ya koma gida da ƙasa da rabi, yana zargin an ci sauran. Wanda ya zo daga nesa ya sami abin da bai kai kuɗin motarsa ba. Rabo bai ƙare ba sai da rana ta yi sanyi, lokacin da ba mai hankalin da zai kama hanya, sai mutane suka kwana a tasha da barandar masallaci, har da mata masu goyo. Wata tsohuwa kajinta ta sayar ta yi kuɗin zuwa. Allah ya tsare, ba wanda aka tare. Amma wannan tsarewar Allah ce, ba dabarata ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka taso daga ƙauye. Da ya sami waya ya kira ni, bai ɗaga murya ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya ce: "Ɗana, munka ji an ce a zo, munka zo. Yanzu an ce mamu cikin takardak ka ce kada a zo. To mi yas sa da kaz zo wurin rabo sai ka koma Turanci?"

Na ce, "Kawu, saboda tsaro ne."

Ya ce, "Tsaron wa?"

Amsar da na ba shi tana da ƙanshin gaskiya. Kowa ya san 'yan bindiga suna da masu kai musu labari a cikin gari, kuma maganar za a ɗauki hatsi a mota zuwa ƙauyuka ba abin shela ba ce. Na ɗauka idan na sa ta da Turanci na rufe ta. Wannan tunani ne na wanda ya daɗe a birni. Mai kai wa ɓarayi labari yana da waya, yana da ƙane ɗan sakandare, yana kuma da dalilin da zai sa ya nemi a fassara masa kowace kalma, abin da tsohuwa mai neman gero ba ta da shi. Turanci bai ɓoye komai ga wanda nake tsoro ba, ya ɓoye ne ga wanda nake son karewa. In magana sirri ce, ba a rubuta ta cikin sanarwa da kowane harshe, a kira wakili a gaya masa baki da baki.

Akwai dalili na biyu, shi kuma lalaci ne. Bayanan taronmu da Turanci nake rubuta su, yadda aka koya mana, sai kawai na kwafo jimlolin daga can na manna.

Na uku shi ne wanda na daɗe ban yarda da shi ba. Hana mutum abu da Hausa aiki ne mai nauyi. Ba ka ce wa dattijon da aka ƙone wa rumbu ba ya cikin rabo hakanan kai tsaye. Sai ka ba shi haƙuri, ka faɗi dalili, ka yi alkawari, ka kuma ɗauki nauyin alkawarin da sunanka. Turancin ofis ya sauƙaƙa mini duk wannan. A cikinsa ana iya cewa an yanke, ba tare da an ce wa ya yanke ba, jimlar ta fito a bushe, ba ta da fuska. Albishir na faɗe shi da harshen da ake sanina da shi, don a gode mini. Hanin kuma na faɗe shi da harshen da zan iya laɓewa a bayansa. Da na koma kan tsofaffin saƙonnina sai na tarar al'ada ce tawa: ta'aziyya da barka da roƙon gudummawa duk da Hausa, amma wa'adin biyan kuɗi, da tara, da sharaɗi, da ƙin amincewa, nan take hannuna yake juyawa. Kawu bai yi boko ba, amma ya riga ni ganin wannan. Mutanen ƙauye sun daɗe da lura cewa a takardar asibiti, ta banki, ta kotu, wurin da za a cuce ka shi ne wurin da ba ka iya karantawa. Don haka idan ɗansu ya yi musu Hausa ya yi musu Hausa, sai daidai wurin kuɗi ko hatsi ya sauya, abin da suke ji shi ne akwai abin da ba a son su sani. Zargin cin amana da ya biyo bayan rabon daga nan ya samo ƙarfi, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya kwanta, ko da yake ba tiya ɗaya da ta ɓata.

Kada a ɗauka ina cewa Ingausa haram ce. Ni ma da ita nake hira da abokaina, kuma masu cewa a tsarkake Hausa daga duk baƙuwar kalma sun manta cewa mota da asibiti duk baƙi ne da suka zauna. Abin da na koya shi ne surki iri biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Na farko kalma ce guda, yawanci suna, da ake jefawa cikin jimlar Hausa: a cike fom, a zo mitin, a kawo lambar akawun. Ginin jimlar na Hausa ne, mai aiki da lokaci da korewa duk suna nan. Ko mai sauraro bai san kalmar ba, ya san wurin da bai gane ba, zai tambaya mene ne fom, a nuna masa. Na biyu shi ne a sauya jimla sukutum, ko rabinta mai ɗauke da sharaɗi. A nan ba kalma ce ta ɓace ba, hukunci ne, kuma ba ya barin gurbi. Mafi haɗari su ne ƙananan kalmomin da ke juya magana: kada, sai dai, banda, kafin, kaɗai, in ba haka ba. Idan ɗayansu ta faɗa ɓangaren Turanci, abin da ya rage a Hausa yakan zama akasin nufinka.

Akwai ma inda barin abu yadda yake a allo shi ne daidai. In ana son mutum ya kawo NIN ko BVN, haka za a rubuta, domin haka zai gani a takardarsa, haka kuma mai shagon POS zai tambaye shi. In za a ce ya danna `*346#` ya ga lambar NIN ɗinsa, ba a fassara wannan. Sunan magani da sunan banki ma haka. Wanda ya ƙirƙiro musu Hausa don kishin harshe ya ɓatar da mutum a bakin kanta. Kuɗi kuma suna da nasu tarko a wannan iyaka, wanda Hausa zalla ba ta warware shi. Jikka a bakin dattijon Nijeriya naira 200 ce, a Maraɗi kuwa sefa 1,000, kuma can da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5. In ka rubuta jikka goma ka tura saƙon da zai ƙetare iyaka, ka faɗi adadi biyu. Maganin wannan ba Turanci ba ne, a rubuta lamba a kuma ambaci sunan kuɗin. Har ranar da na sa tana da rauni, don Asabar kawai na ce. Tun lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 a Satumban 2021, har da Isa da Sabon Birni, mutane suka saba da neman sabis ɗin Nijar a kan tudu, kuma ko bayan an maido da layi, saƙo yakan kwana biyu ko uku kafin ya sauka a wasu ƙauyuka. Asabar ɗin wanda ya rubuta ba lallai ta zama ta wanda ya karanta ba.

Matasa kuma nasu karatun daban ne, kuma sun kasu. Waɗanda suke jami'a a Sakkwato ba su ma lura an sauya harshe ba, haka suke rubutu kullum. Amma waɗanda rashin tsaro ya katse wa karatu, suna gari suna kabu-kabu ko dako, sun lura sarai. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa wakilinmu 'yan birni sun zo nuna mana sun yi boko a kan buhun gero. Ban yi nufin burga ba, amma ba ni ke da ikon yanke yadda za a ji ni ba. Ga yaron da ajinsu ya zama masaukin 'yan gudun hijira, kowace jimlar Turanci tuni ce na abin da ya kuɓuce masa.

Gyaran da na yi ba shi da wuya. Kafin in tura kowace sanarwa, nakan rufe duk abin da ba Hausa ba da yatsa, in karanta saura da ƙarfi, in tambayi kaina: wanda wannan kaɗai ya ji, me zai tashi ya yi gobe da safe? In amsar ta saɓa da nufina, saƙon bai gamu ba. Hani da sharaɗi nakan sa su a jimlar farko bayan sallama, kafin albishir, don mai karanta wa jama'a yakan gaji, masu sauraro kuma da sun ji an samu hatsi hayaniya ta tashi, ba mai jin saura. Nakan kuma sa suna a kan hanin: mu 'yan kwamiti muna roƙon wanda ba ya cikin garin kada ya taso, ga dalili. Ya fi tsawo, ya fi nauyi a baki, kuma duk wanda ya ji haushi ya san wanda zai kira. Kalmomin da nake cewa ba su da Hausa, da na nema sai na tarar suna nan. Sashen Hausa na BBC yana watsa labarai tun 1957, mutanen karkara kuma sun fi mu 'yan birni sauraron rediyo, don haka tallafi da wa'adi da rukuni da tantancewa ba baƙi ba ne a kunnensu. Ni ne na daina amfani da su.

Ba kowa ya ji daɗin sauyin ba. Wasu manyanmu na Abuja, waɗanda su ne ke ba da kaso mafi tsoka, sun ce sanarwar Hausa zalla ba ta kama da takardar ƙungiya mai rajista, kuma ba za su iya nuna ta ga abokan aikinsu da suke roƙa gudummawa ba. Suna da gaskiya, Turanci ne harshen hukuma a Nijeriya, kuma mai bayarwa yana son ganin abin da zai iya ajiyewa a fayil. A Nijar kuwa, tun 2025 hukumomi suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma wannan bai sauya abin da ofishin Abuja yake karɓa ba. Sai muka koma rubuta saƙo biyu, kowanne cikakke da kansa, ba wanda ya dogara da ɗan uwansa. Wahalarsa ita ce dole wani ya zauna ya gwada su layi-layi, don in an gyara rana a ɗaya aka manta ɗayan, an koma gidan jiya. Wannan aiki wani malamin firamare ɗan Isa muka ba, ba ni ba, tunda wanda ya rubuta abu ba ya ganin ramin da ke cikinsa.

Da sauran kuɗin suka shigo aka tashi rabo na biyu, na rubuta wasiƙar ban-haƙuri da sunana, na ce kuskuren daga alƙalamina ya fito, ba daga wakilai ba, don su ne suka sha zagi a fili. Kwamiti ya amince a mayar wa waɗanda suka zo daga nesa kuɗin mota, gwargwadon abin da wakilai suka iya tabbatarwa, kuma na san akwai waɗanda ba a gano ba. Sanarwar rabon kuma muka haɗa ta da saƙon murya, tunda ta wannan hanya take tafiya ko mun so ko mun ƙi. Na ɗauki muryata na tura wa kawu ya fara ji. Ya ce maganar ta fito, sai dai Hausar tawa ta rediyo ce, tsofaffi za su ɗauka daga gwamnati ne su sake cika gari. Shi ya sake faɗinta da Gobiranci, ya ambaci sunan wakilin kowace shiyya da mahaifinsa, kuma tasa aka tura.